Amsoshin Tambayoyinku: Shekara guda ina biyan bashin kati, me ya sa bai ragu ba?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a ƙaramar hukumar Miga, kuma ina ɗan taɓa noman rani. Bara bankin da albashina ke shiga ya ba ni katin bashi a reshensa na Dutse. Na ciri naira 300,000 da shi, na sayi taki da man injin ban ruwa, na biya 'yan ƙwadago. Duk wata suna turo mini saƙo cewa ga mafi ƙarancin abin da zan biya, kuma wallahi ban taɓa tsallake wata ko ɗaya ba, ban kuma sake taɓa katin ba. A takardar yarjejeniya an rubuta kuɗin ruwa kashi 3 cikin 100 a wata, mafi ƙarancin biya kuma kashi 5 cikin 100 na abin da ake bina, ko naira 5,000, duk wanda ya fi yawa. Yanzu wata 12 ke nan. Na haɗa abin da na biya, ya kai kusan naira 165,000, amma sun ce har yanzu ana bina naira 231,000. Cutata ake yi, ko kuwa akwai abin da ban gane ba? Daga mai karatunku a Miga.

Amsa: Allah ya sa albarka a gona, ya kuma yaye maka wannan nauyi. Na zauna da alƙaluman da ka aiko na bi su wata bayan wata, kuma abin da zan faɗa maka ba mai daɗi ba ne: lissafin bankin daidai yake. Babu wanda ya ƙara maka sisi ta bayan fage. Abin da ya same ka shi ne ainihin yadda aka gina katin ya yi aiki, kuma duk wanda ya tsaya a kan mafi ƙarancin biya haka za ta kasance da shi, a Miga yake ko a Landan.

Kafin mu shiga lissafi, bari in raba wa sauran masu karatu abu biyu da ake yawan gwamutsawa. Katin da yawancinmu ke riƙe da shi, wanda muke miƙa wa mai POS a kasuwa, katin cirar kuɗi ne: abin da ka ajiye shi kake ɗauka, in ya ƙare na'ura ta ƙi ka. Katin bashi daban yake. Kuɗin banki ne aka yanka maka iyaka, ka ci ka biya, ka sake ci. Bai yawaita a ƙasarmu ba, an fi ba masu albashi da 'yan kasuwar da banki ya san shige da ficen kuɗinsu, shi ya sa mutane da yawa ke karɓarsa ba tare da sun taɓa ganin wanda ya yi mu'amala da shi har ƙarshe ba.

To, ga watanka na farko. Ana binka 300,000. Kashi 3 cikin 100 na wannan shi ne 9,000, sai bashin ya zama 309,000. Kashi 5 cikin 100 na 309,000 shi ne 15,450, kuma shi ne abin da saƙo ya ce ka biya. Ka biya. Amma ina kuɗin ya tafi? Naira 9,000 ta tafi wajen kuɗin ruwa, 6,450 kaɗai ta taɓa uwar kuɗi. Bashin ya koma 293,550. Ke nan a cikin kowace naira goma da ka miƙa, kusan shida hayar kuɗin ka biya, huɗu da ɗan ɗoriya ne suka rage bashin.

A wata na biyu ne abin da ya fi muhimmanci yake faruwa, kuma shi ne mutane ba sa lura da shi. Kuɗin ruwa ya ɗan sauka zuwa wajen 8,807, tun da bashin ya ragu. Da a ce ka sake biyan 15,450 ɗin nan, da abin da zai shiga uwar kuɗi ya ƙaru. Amma saƙon banki bai ce 15,450 ba, ya ce wajen 15,118, domin shi ma mafi ƙarancin biya kaso ne na bashin, in bashi ya sauka shi ma sai ya sauka. Kai kuma ka ji daɗi, ka ga kamar nauyi ne yake raguwa. Alhali sauƙin nan shi ne igiyar da ke ɗaure ka. Duk lokacin da ka samu damar cin ƙarfin bashin, sai a rage maka abin da ake nema, rabon ya koma yadda yake: kaso mafi tsoka ga kuɗin ruwa, ragowar ga uwar kuɗi. A kowane wata bashinka yana raguwa ne da kashi 2.15 cikin 100 kacal na abin da ya saura, kuma abin da ya saura kullum ƙanƙancewa yake yi, don haka ragin ma ƙanƙancewa yake yi.

Haɗa wata 12 a haka, sai ka samu abin da ka gani da idonka. Cikin kusan 165,000 da ka biya, wajen 96,000 kuɗin ruwa ne, wajen 69,000 ne suka rage bashin. Cire 69,000 daga 300,000, saura 231,000.

Yanzu bari mu leƙa gaba, a ɗauka ka ci gaba yadda kake, ba ka tsallake wata, ba ka sake taɓa katin, bankin kuma bai ƙara kuɗin ruwa ba. Sai a wata na 32, wato bayan shekara biyu da wata takwas, bashin zai kai rabi. Sai a wajen wata na 52 zai sauka ƙasa da 97,000, inda kashi 5 cikin 100 zai gaza 5,000, sai sharaɗin nan na naira 5,000 ya fara aiki. Daga nan akwai sauran wata 30. Gaba ɗaya wata 82 ke nan, shekara bakwai ba wata biyu. Abin da za ka biya jimilla zai kai wajen naira 634,000 a kan bashin 300,000. Kuɗin ruwa kaɗai ya haura uwar kuɗin. Takin da ka zuba a gonar bara, yaron da ka sa a aji ɗaya na firamare a shekarar zai gama aji shida kana kan biyan kuɗinsa.

Wannan sharaɗi na naira 5,000 da wataƙila ka ɗauka tsanantawa ne, shi ne ma yake kawo ƙarshen zancen. Ba don shi ba, da kaso ne kawai ake bi, da bashin ya yi ta raguwa da rabi duk bayan wata 32, yana ƙanƙancewa ba ya mutuwa.

Akwai wata magana da ake yawan yi, cewa bashin kati ruwa ne a kan ruwa. Gaskiya ce, amma a san inda take. Kashi 3 a wata, in ka ninka sau 12, kashi 36 ne a shekara. To amma in an bar kuɗin ruwan yana hawa kan uwar kuɗi ana sake lissafa ruwa a kan jimillar, abin ya kai kusan kashi 42.6 a shekara. Wanda ya ci 300,000 bai biya komai ba, bayan shekara zai tarar da wajen 428,000, bayan shekara biyu kuma wajen 610,000, ba a ma sa tarar jinkiri ba. Kai ba ka cikin wannan hali, domin abin da kake biya yana share ruwan kowane wata har ya ɗan ci uwar kuɗi. Sai dai kana tsaye ne a bakin gaɓa. Kamar mai kwarfe ruwa ne daga kwalekwale mai yoyo: muddin hannunsa na aiki jirgi ba zai nutse ba, amma ramin na nan, kuma ranar da ya huta ruwa zai ci gaba daga inda ya tsaya. Watan da albashi ya makara ko rashin lafiya ta shigo gida ka kasa biya, ruwan watan zai hau kan bashin, a ƙara tara, wata mai zuwa a lissafa ruwa a kan duka.

Hanya ta biyu da bashin ke komawa sama ita ce sake amfani da katin, kuma na yaba maka da ka ajiye shi. Dubi dalili. A inda kake yanzu, ruwan wata wajen 6,900 ne, mafi ƙarancin biya wajen 11,900, abin da ke rage bashin bai cika 5,000 ba. Da za ka riƙa sayen man babur ko katin waya na naira 5,000 kawai da katin duk wata, da bashin ya tsaya cak a 231,000, kana biya shekara da shekaru ba ya motsi. Da 10,000 kake kashewa, da ya riƙa hawa a hankali har ya haura 400,000 in iyakar katin ta bari, alhali ba ka taɓa saɓa alkawari ba, kuma a idon banki kai abokin hulɗa ne nagari.

Wani zai tambaya, me ya sa banki zai nemi kaɗan haka? Domin kuɗin ruwa shi ne cinikinsa. Wanda ya biya duka kafin ranar da aka sa, a mafi yawan katuna ba a ɗora masa ruwa a kan sayayyar da ya yi, don haka banki bai samu wani abin kirki a jikinsa ba. Wanda ya gudu da kuɗi kuma asara ne. Wanda ya fi riba shi ne na tsakiya: mai amana, mai biya kan lokaci, mai biyan kaɗan. Kuma ka lura, wannan rangwamen na kwanakin da ba ruwa yawanci na sayayya ne. Cirar tsabar kuɗi, irin wadda ka yi, a bisa al'ada ruwanta na fara hawa tun ranar da aka cira, ga kuma ladan cirewa. A wuri irin namu da ɗan ƙwadago da mai taki suka fi son kuɗi a hannu, wannan na nufin katin ya fi tsada tun daga ranar farko.

Akwai kuma abin da lambar nan ke yi wa zuciyar mutum. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Warwick ta Ingila, Neil Stewart, ya wallafa bincike a 2009 inda ya nuna cewa masu biyan wani ɓangare na bashin kati sukan biya ƙasa da abin da za su biya idan aka nuna musu lambar mafi ƙarancin biya. Ido na sauka a kanta, sai ta zama ma'auni, mutum ya ɗauka shawara ce banki ya ba shi. Ba shawara ba ce. Iyaka ce kawai wadda in ka gaza ta za a ci ka tara.

Ƙasashen da suka daɗe da wannan kati sun sha wahalarsa har suka yi masa doka. A Amurka, dokar da aka sa wa hannu a 2009 ta tilasta wa masu ba da kati su rubuta a takardar kowane wata tsawon lokacin da mutum zai ɗauka in mafi ƙaranci kawai yake biya, da jimillar abin da zai kashe, da kuma abin da zai riƙa biya in yana son gamawa cikin wata 36. A Birtaniya kuwa, tun 2018 hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi ta ce duk wanda a cikin wata 18 kuɗin ruwa da caji da ya biya suka fi abin da ya rage na uwar kuɗi, to ya shiga bashi mai naci, dole kamfanin ya tuntuɓe shi, in kuma abin ya kai wata 36 a nemo masa hanyar gamawa. Auna kanka da wannan ma'auni, Malam: 96,000 ruwa, 69,000 uwar kuɗi. Da a can kake, in ka cika wata 18 a haka, kana cikin waɗanda za a aika wa takardar gargaɗi. A ganina ya kamata Babban Bankin Najeriya ya tilasta irin wannan bayani a kowane saƙon wata, da harshen da mai kati ke ji. Kafin a kai ga haka, kai za ka yi wa kanka lissafin.

Maganin kuma yana cikin ciwon. Tun da matsalar ita ce biyan yana sauka tare da bashin, sai ka hana shi sauka. Ka tsayar da adadi ɗaya, ka riƙa biyansa ko me saƙo ya ce. A watan farko ka iya biyan 15,450, kuma ba ka mutu ba. Da tun farko ka tsaya a kansa, da wata 30 ya ishe ka maimakon 82, da jimillar biyanka ta tsaya a wajen 457,000 maimakon 634,000. Ba a nemi ka ƙara ko kwabo a kan abin da ka fara da shi ba, an dai ce kada ka rage.

Wancan ya wuce, mu yi maganar yau. Ana binka 231,000. In ka ci gaba da bin saƙon banki, saura wata 70, kuma za ka ƙara biyan wajen 469,000. In ka koma 15,450 duk wata ka tsaya a kai, wata 21 ya rage maka, jimilla wajen 311,000. Bambancin abin da ake nema a wurinka yanzu da wannan adadi wajen naira 3,500 ne a wata, amma ya sauke maka shekara huɗu da sama da naira 150,000. In kuwa za ka iya ɗaure ciki ka kai 25,000, wata 11 ka gama, jimilla wajen 275,000.

Kai kuma kana da abin da ma'aikacin birni ba shi da shi, wato amfanin gona. Lokacin da ka girbe, ka yi wannan lissafi kafin ka yanke shawarar ɓoye buhuna jiran tsada. Duk naira 100,000 da ka zuba a katin tana hana ruwan naira 3,000 a kowane wata. In ka ajiye shinkafa ta 100,000 na wata huɗu, sai farashinta ya tashi da sama da kashi 12 cikin 100 kafin ka ma maida abin da katin ya ci a wannan tsakani, ban da ɓarnar ajiya da hadarin faɗuwar kasuwa. Wani lokaci ajiyar za ta fi, amma ka sani caca kake yi da abu mai tabbas. Ban ce ka sayar da abincin gida ba. Wanda ya kwashe rumbu ya biya kati, damina na tsakiya zai koma ya ciro da katin ya sayi hatsi da tsada.

Na san za a ce maka hauhawar farashi na cin bashi, naira 5,000 ta shekara shida masu zuwa ba ta yau ba ce. Akwai ƙamshin gaskiya, domin a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Amma wannan hujja tana amfanar wanda kuɗin shigarsa ke tashi tare da kasuwa ne. Albashin malami ba ya tashi duk wata, tsada kuwa tana rage abin da ke saura masa na biyan bashi. Ga shi kuma ruwan kati ba a kafe yake ba, yawancin yarjejeniyoyi sun ba banki damar sauya shi in yanayin kasuwar kuɗi ya sauya. Ka duba taka.

In ka shiga Dutse, ka je reshen da takardarka a hannu. Ka nemi cikakken bayanin asusun katin tun daga ranar farko, ka duba layi uku: Closing Balance, Minimum Amount Due da Payment Due Date, ko abin da ya yi kama da su, domin kowane banki da yadda yake rubutawa. Ka raba kuɗin ruwan wata da bashin watan da ya gabata, ka ga ko kashi 3 ɗin ne. Ɗan bambanci ba abin damuwa ba ne, tun da bankuna da yawa kullum-kullum suke lissafa ruwa, wata mai kwana 31 ya ɗan fi mai 30. Amma in ka ga caji da ba ka san shi ba, ka nemi bayani a rubuce. Sannan ka tambayi abu biyu. Na ɗaya, in cire kuɗin ake yi kai tsaye daga albashinka, a sauya umarnin daga mafi ƙaranci zuwa tsayayyen adadin da ka zaɓa, ko ka riƙa tura ƙarin da kanka ranar da albashi ya shigo, ba ranar ƙarshe ba. Na biyu, ko za su mayar da ragowar bashin ya zama rance mai wa'adi, mai tsayayyen biya da ranar gamawa, a kan ruwa mafi sauƙi. In sun yarda, ka nemi jimillar abin da za ka biya har ƙarshe, da duk wani caji, ka gwada da alƙaluman da na ba ka, kuma a rufe katin. In ka shigar da ƙorafi banki bai warware ba cikin wa'adin da aka ƙayyade, kana da damar kai shi sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.

Abin da ba zan so ka yi ba shi ne ka yi fushi ka daina biya, ko ka mayar da albashinka wani banki da tunanin ka tsira. Bashin na maƙale da lambarka ta BVN, ana kai rahotonsa hukumomin adana tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral, kuma tun watan Agustan 2020 akwai tsarin da ya ba banki damar ɗebo abin da yake bin mutum daga asusunsa na wasu bankuna, in ya sa hannu a kan wannan izini lokacin karɓar rance. Haka nan kada ka ci bashin manhajojin waya don ka toshe na kati, domin galibinsu sun fi shi tsada da gajeren wa'adi. In akwai adashi a tsakanin malaman makarantarku, ka nemi a ba ka ɗauka da wuri ka zuba gaba ɗaya a katin. In akwai ɗan'uwa mai hali da zai ranta maka ba ruwa, ka je masa da takardar nan ka faɗa masa gaskiya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin da za ka ɓoye har ya fi ƙarfinka ba ne.

Ba ka tambaye ni ta fuskar addini ba, amma na san tana ranka, kamar yadda take ran duk Musulmin da ya karanta wannan. Haramcin riba a fili yake, kuma bayanin abin da ya wajaba a kan wanda ya riga ya shiga, wannan ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa. Abin da zan iya cewa shi ne a nan lissafi da addini hanya ɗaya suka nuna: a fita da wuri. In buƙatar jarin noma ta sake tasowa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, inda ake sayo maka kaya a sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, ka san jimilla da ranar gamawa. Su ma ka karanta takarda ka gwada farashi kafin ka sa hannu.

Ga sauran masu karatu da katinsu ke da wasu sharuɗɗa, abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin kason ruwa da kason mafi ƙarancin biya. Inda ake neman kashi 10 a kan ruwan kashi 3, bashi na kai rabi cikin wata tara zuwa goma. Inda ake neman kashi 5, mun ga wata 32 ne. Duk yadda lambobin biyu suka matso kusa da juna, haka shekarun ke ƙaruwa.

Malam, albashin wannan wata in ya shigo, saƙo zai ce maka wajen 11,900. Ka tura 15,450 ko fiye, ka rubuta adadin a bangon littafinka, kada ka sauka daga kansa har sai an ce maka saura sifili, sannan ka nemi takardar shaidar rufe katin. Allah ya ba ka ikon biya, ya sa ka girbe lafiya.